Takardun da ake buƙata kafin caja, fawa bank ko waya su fito daga hannun Kwastam

Yawancin cajar da ake sayarwa a Farm Centre ta Kano da Computer Village ta Ikeja daga Chaina take zuwa, musamman daga biranen Shenzhen da Guangzhou. Yanzu matashi yana iya yin ciniki da masana'anta ta waya daga ɗakinsa, ya tura kuɗi, a ɗora masa kaya a jirgi. Sai kayan sun iso Legas ake gane cewa biyan kuɗin Kwastam kaɗai ba ya fito da su. Akwai takardun da ake nema, kuma mafi muhimmanci a cikinsu ba a Najeriya ake yin ta ba. A ƙasar da kayan suka fito ake yin ta, kafin a rufe kwantena.

Takardun nan a jere suke kamar sarƙa, kowace ba ta fita sai wadda ke gabanta ta kammala. Wanda ya tsallake ta farko ba zai samu ta ƙarshe ba, ko da kuɗin haraji yana hannunsa. Wannan bayani zai bi sarƙar daga farko zuwa ƙarshe da misalin oda guda ɗaya ta caja da fawa bank, sannan ya nuna abin da yake ƙaruwa idan waya ce.

Su wane ne ke da ta cewa a kan kayan?

Hukumar Kwastam ita ce mai tsaron ƙofa. Tana tantance kaya, ta ƙiyasta darajarsu, ta karɓi haraji. Amma ba ita ke yanke hukuncin cewa caja tana da inganci ko za ta iya tayar da gobara ba. Wannan aikin Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa ne, wato SON. Tun 2005 SON take gudanar da wani tsari mai suna SONCAP, wanda ya tilasta a gwada kayan da za a shigo da su tun suna ƙasar waje. Kayan lantarki irin su caja, kebul, batir, fawa bank da kwan fitila duk suna ƙarƙashinsa.

Idan na'urar tana sadarwa, kamar waya, rauta, ko abin sawa a kunne mai Bluetooth, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ita ma tana da nata izinin. Abinci da magani kuma ba sa cikin SONCAP kwata-kwata, na NAFDAC ne. Duk wanda zai shigo da madara domin sayarwa, rajistar NAFDAC zai nema. Saboda haka tambayar farko da ake yi kafin a biya ko sisi ita ce: wannan kayan, wace hukuma ce ke da shi?

Misalin da za a bi

A ɗauka wani matashi mai shago a Kano ya yi ciniki da wata masana'anta a Shenzhen. Zai sayi caja 2,000 masu ƙarfin 20W a kan dala 1.5 kowace, wato dala 3,000. Zai kuma sayi fawa bank 500 masu 10,000mAh a kan dala 5 kowanne, wato dala 2,500. Jimilla dala 5,500, kuma ta jirgin ruwa za su zo. Farashin misali ne kawai, amma matakan su ne ainihin waɗanda zai bi.

Kafin komai, yana buƙatar rajistar kasuwanci daga CAC, da lambar haraji ta TIN, da asusun banki da sunan kasuwancin. Duk takardun da za su biyo baya a kan lambar TIN ɗin nan ake rataye su. Idan sunan da ke kan TIN ya sha bamban da na asusun banki, tun daga nan aikin zai tsaya.

Sai ya karɓi takardar farashi ta farko daga masana'anta, wadda za a ga an rubuta Proforma Invoice a samanta. A cikinta ake rubuta sunan kaya, lambar samfuri, adadi, farashi, kuɗin jigila da lambar HS. Lambar HS ita ce lambar da Kwastam na duniya suka amince a riƙa gane kowane irin kaya da ita. Cajar waya tana ƙarƙashin 8504.40, fawa bank mai batirin litiyam yana ƙarƙashin 8507.60, wayar zamani kuma 8517.13. Lambobi shida na farko iri ɗaya ne a ko'ina, amma Najeriya tana amfani da jadawalin harajin ECOWAS mai lambobi goma. Don haka lambar da ɗan Chaina ya rubuta ba lallai ta zama cikakkiya a nan ba, sai ejan mai lasisin fito da kaya ya duba hudun ƙarshe. Wannan takarda ita ce tushe: duk abin da aka rubuta a cikinta shi zai riƙa bin sauran takardu har ƙarshe.

Mataki na farko: satifiket ɗin samfuri

Takarda ta farko a tsarin SONCAP ita ce Product Certificate, wadda ake taƙaitawa da PC. Ma'anarta ita ce an gwada wannan samfuri a ɗakin gwaji, kuma ya cika ƙa'ida. SON ba ta da ma'aikata a kowace masana'anta ta duniya, shi ya sa ta ba wasu kamfanonin bincike izinin yin aikin a madadinta, irin su Intertek, SGS, Cotecna, Bureau Veritas da CCIC. Wajen ɗaya daga cikinsu masana'anta ko mai fitar da kayan zai je.

Abin da za su fara nema shi ne rahoton gwaji daga ɗakin gwajin da ke da shaidar ISO/IEC 17025. Ga caja, gwajin yana bin ƙa'idar tsaro irin IEC 62368-1, inda ake duba ko akwai isasshen tazara tsakanin ɓangaren wutar gida da ɓangaren da ke zuwa waya, ko tana yin zafin da ya wuce kima, da ko robar jikinta tana saurin kama wuta. Ga batirin fawa bank, ƙa'idar da aka fi amfani da ita ita ce IEC 62133-2, wadda ke gwada abin da zai faru idan aka cika batir fiye da ƙima ko wayoyinsa suka haɗu. Wutar Najeriya 230V ce a kan 50Hz, kuma soket mai ƙafa uku masu kusurwa irin na Birtaniya shi ya fi yawa, saboda haka samfurin da aka gwada ya kamata ya zama mai wannan kan, ba mai ƙafa biyu na kasuwar cikin Chaina ba.

PC iri uku ce. PC1 ta wanda ba ya shigo da kaya a kai a kai ce, tana aiki wata shida, kuma jigila ɗaya ake yi da ita. PC2 ta samfurin da aka yi wa rajista ce, tana aiki shekara guda, ana iya yin jigila da yawa da ita. PC3 ta masana'antar da aka je aka binciki yadda take sarrafa kaya ce, ita ma shekara guda. Bambancin da ya shafi aljihu shi ne yawan bincike: mai PC1 sai an duba kayansa ido da ido kafin lodi, mai PC2 wasu lokuta ake dubawa, mai PC3 kuma jefi-jefi. Matashin da ke cikin wannan misali, idan masana'antar ba ta riga ta mallaki PC2 ko PC3 ba, PC1 zai yi.

Tunda kayansa iri biyu ne masu lambar HS daban da gwaji daban, dole ne takardar ta ambaci caja da fawa bank kowanne da lambar samfurinsa. PC ɗin da aka yi wa caja ba ta ɗaukar fawa bank, ko da masana'anta ɗaya ce ta ƙera su.

A nan ne masu sayarwa suke yawan cewa kayansu suna da CE da FCC, ba sai an sha wahala ba. CE alamar kasuwar Tarayyar Turai ce, FCC kuma ta Amurka. Rahoton gwajin da ke bayansu yana iya taimakawa wajen neman PC idan ɗakin gwajin amintacce ne, amma tambarin kansa ba ya maye gurbin SONCAP. Kwastam na Najeriya ba su da inda za su shigar da shi.

Bayan PC ta fito, mai shigo da kayan zai kunna ta a shafin SON da lambar TIN ɗinsa, ya biya kuɗin da aka ƙayyade. Sai an kunna ta sannan banki zai gan ta a na'urarsa. Takardar da aka turo ta WhatsApp hoto ce kawai har sai lambarta ta bayyana a shafin. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi ta gane ta bogi: idan lambar ta ƙi kunnuwa, ko ta fito da sunan wani kaya daban, to ba a tura sauran kuɗin kaya ba tukuna.

Mataki na biyu: Form M

Form M ita ce sanarwar da mai shigo da kaya yake yi wa Babban Bankin Najeriya da Kwastam cewa zai shigo da kaya kaza, masu daraja kaza, daga wuri kaza. Ta intanet ake cike ta, amma ta hannun bankin kasuwanci take wucewa. Ana haɗa ta da takardar farashi, da PC ɗin da aka kunna, da takardar inshorar kaya daga kamfanin inshora na Najeriya. Banki zai duba ya amince, sannan Kwastam su yi mata rajista. A 2024 Kwastam suka fara amfani da sabuwar manhajarsu mai suna B'Odogwu a tashar PTML da ke Legas, daga baya suka faɗaɗa ta zuwa sauran tashoshi. Manhajar ta sauya, amma jerin takardun bai sauya ba.

Mutane da yawa suna zaton Form M ta masu neman dala daga banki ce kaɗai. Ba haka ba ne. Wanda ya biya masana'anta da kuɗin da ya samo da kansa shi ma zai buɗe ta, sai dai zai zaɓi Not Valid for Forex. Wanda yake so banki ya sayar masa da dala shi ke zaɓar Valid for Forex.

Ƙa'idar ita ce a samu Form M kafin a yi lodin kaya. Dalilin a fili yake: lambarta za a rubuta a kan takardun jigila, kuma da ita kamfanin bincike zai yi aiki a mataki na gaba. Abin da aka fi mayar da Form M baya saboda shi shi ne saɓani tsakanin takardu. Idan PC ta ce 8504.40 amma takardar farashi ta sa cajar a ƙarƙashin lambar kayan waya, na'ura ba za ta haɗa su ba. Haka idan bayanin kaya ya zama na gaba ɗaya, kamar a rubuta kayan waya kawai ba tare da an faɗi caja ce ko batir ba.

Mataki na uku: satifiket ɗin jigila

Wannan shi ne matakin da ya fi cin mutane. PC tana magana ne a kan samfuri. Ba ta ce komai a kan katon-katon ɗin da ke ajiye a sito suna jiran kwantena ba. Takardar da ke magana a kansu ita ce SONCAP Certificate, wato SC, kuma kowace jigila da tata.

Idan kayan sun kammala, masana'anta za ta kai wa kamfanin bincike lambar Form M, da PC, da takardar farashi ta ƙarshe, da jerin abin da ke cikin kowane katon. Mai bincike zai je inda kayan suke ya buɗe wasu katon. Zai ƙirga, ya karanta rubutun da ke jikin caja da kwalinta, ya kwatanta da rahoton gwaji, wani lokaci ya ɗauki samfuri. Ƙa'idojin shigo da kaya na Najeriya sun buƙaci a ga sunan kaya da ƙasar da aka ƙera shi a jiki, kuma kayan lantarki su zo da littafin bayani da Turanci, da gargaɗin tsaro, da garanti na aƙalla wata shida. Idan komai ya yi daidai, kamfanin zai ba da shaidar dacewa, daga nan SC ta fito, mai kaya ya kunna ta kamar yadda ya yi wa PC.

Yanzu a duba yadda odar matashin nan za ta iya lalacewa a wannan gaɓa. A ce ana saura sati ɗaya lodi, masana'anta ta ce caja mai 20W ta ƙare a kan 1,500, za ta cike sauran 500 da wata mai 33W ba tare da ƙarin kuɗi ba. A ido wannan riba ce. A takarda kuwa, caja 500 ne masu lambar samfurin da babu a PC, babu a Form M, babu rahoton gwajinsu. Mai bincike ba zai sa hannu a kansu ba. Zaɓi biyu ya rage: a yi lodin 1,500 kaɗai a gyara adadi a takardun ƙarshe, ko a jira a gwada sabon samfurin a samo masa PC, a kuma gyara Form M ta hannun banki. Na farko ya fi sauri da arha.

Misali na biyu ya shafi fawa bank. Wasu masana'antu suna tambayar mai saye ko yana so a buga 20,000mAh a jikin mai 10,000mAh domin ya fi tafiya a kasuwa. Rahoton gwaji yana ɗauke da ainihin ƙarfin batirin. Batir mai 10,000mAh a kan 3.7V yana ba da 37Wh, kuma wannan adadi yana rubuce a rahoton, sau da yawa har a jikin fawa bank ɗin. Idan kwali ya ce 20,000mAh amma ƙaramin rubutu ya ce 37Wh, lissafin ya tona asiri, domin na gaske zai nuna 74Wh. Mai saye a kasuwa ma yana iya yin wannan lissafin da wayarsa kafin ya biya.

Mafi muni shi ne masana'anta ta yi gaggawar ɗora kaya kafin a yi binciken. Da zarar jirgi ya bar tashar Yantian ko Nansha, mai bincike ba shi da abin dubawa. Jirgin zai yi kimanin sati biyar zuwa bakwai a hanya, kuma duk tsawon lokacin ba a iya komawa baya a yi binciken da aka tsallake. Shi ya sa masu wayo suke sa sharaɗi a cinikinsu cewa ba za su biya ragowar kuɗi ba sai an nuna shaidar bincike.

Fawa bank yana da ƙarin takarda wadda ba ta Kwastam ba ce, ta kamfanin jigila ce. Batirin litiyam yana cikin kaya masu haɗari, don haka ana neman shaidar gwajin UN38.3 da takardar bayanin sinadaran da ke cikinsa. A jigilar sama, fawa bank yana ƙarƙashin UN3480, kuma tun 2016 ba a yarda a ɗora irinsa a matsayin kaya a jirgin fasinja ba, sai jirgin dakon kaya, kuma cajinsa kada ya wuce kashi 30 cikin 100. Wannan ne ya sa yawancinsu ta ruwa suke zuwa.

Mataki na huɗu: PAAR da fito da kaya

Bayan jirgi ya taso, masana'anta za ta turo takardun ƙarshe: takardar farashi, jerin katon, shaidar ƙasar da aka ƙera kaya, da takardar lodi ta jirgin ruwa, wato Bill of Lading, mai ɗauke da lambar Form M. Mai kaya zai kai su bankinsa tare da SC, banki ya tura wa Kwastam. Daga nan Kwastam suke fitar da PAAR, rahoton da ke nuna lambar HS ɗin da suka amince da ita da darajar da za a yi lissafin haraji a kanta. Kwastam sun karɓi wannan aiki daga hannun kamfanoni masu zaman kansu a ƙarshen 2013.

Ga kayan da ke ƙarƙashin SON, PAAR ba ta fita idan babu SC. Idan babu PAAR kuma ejan ba zai iya shigar da sanarwar kaya ba, ba za a yi lissafin haraji ba, ba za a buɗe kwantena ba. Nan sarƙar take ƙullewa. Kwantena za ta zauna a Apapa ko Tin Can, kwanakin kyauta su ƙare, kamfanin jirgi ya fara lissafin kuɗin jinkiri a kullum, masu tasha su ma su fara lissafin kuɗin ajiya. Ga odar dala 5,500, 'yan makonni na irin wannan zama suna iya cinye ribar gaba ɗaya. Sannan SON tana da ikon riƙe kayan da suka zo babu shaida, ta gwada su, ta ci tara, idan sun fadi gwaji kuma ta lalata su. Kayan da suka daɗe ba a fito da su ba, Kwastam suna iya sa su cikin na gwanjo.

Idan takardu sun cika, PAAR tana iya fitowa tun jirgi yana kan ruwa. Ejan zai shigar da sanarwa, a biya haraji tare da harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 da sauran kuɗaɗen da ke biye, a duba kaya, a sake su. Ɗan Kano yana iya shirya a wuce da kwantenarsa zuwa tashar tudu ta Dala, wadda aka ƙaddamar a 2023, a yi aikin fitarwa a can. Wannan yana sauya wurin da ake buɗe kwantena ne kawai, takardun su ne dai waɗannan.

Idan waya ce fa?

A ce matashin ya ƙara waya 300 a cikin odar. Nan NCC ta shigo. Dokar Sadarwa ta 2003 ta ba hukumar ikon amincewa da kowane samfurin na'urar sadarwa kafin a sayar da shi ko a haɗa shi da layukan ƙasar. Sunan wannan izini Type Approval, kuma NCC tana wallafa jerin wayoyin da ta amince da su a shafinta na ncc.gov.ng. Abin da take dubawa ya bambanta da na SON: mitar da wayar ke aiki a kai, ƙarfin siginar da take fitarwa, da ko za ta dami sauran na'urori.

Izinin yana bin lambar samfuri ne, ba sunan kamfani ba. Manyan kamfanoni suna neman izini ga samfuran da suka kawo kasuwar Najeriya da kansu. Amma waya mai suna iri ɗaya tana iya samun lambar samfuri daban idan an yi ta domin kasuwar cikin Chaina, kuma ba lallai wannan lambar ta kasance a jerin NCC ba. Abin ba na takarda kaɗai ba ne. Wayoyin kasuwar Chaina da yawa ba su da Band 20, wato mitar 800MHz da ake amfani da ita wajen 4G a Najeriya, shi ya sa wasu ke ƙorafin sabuwar waya tana faɗowa 3G a inda ta maƙwabci ke riƙe 4G.

Kafin a yi oda, a nemi ainihin lambar samfuri daga mai sayarwa a duba ta a jerin NCC. Idan an karɓi samfuri ɗaya na gwaji, a danna wannan:

```
*#06#
```

Lambar IMEI mai lambobi 15 za ta fito. Takwas na farko su ne ke nuna samfurin wayar, saboda haka idan aka bincika su aka ga sunan wata waya daban da wadda ke kan kwali, ko aka ga wayoyi biyu da IMEI ɗaya, to jabu ce, kuma babu izinin da zai rufe ta. Caja da fawa bank na yau da kullum ba sa sadarwa, don haka NCC ba ta da ruwa da su.

Kayan da ke da nasu izini na daban

Wayoyi da kwamfutocin hannu na biyu, waɗanda ake kira tokumbo, ba sa bin SONCAP. Hukumar kare muhalli ta NESREA ce ke kula da su. Mai shigo da su sai ya yi rajista da ita, kuma kayan su zama masu aiki. Wanda ya mutu sharar lantarki ne a idon doka, an hana shigo da shi. Jirgi marar matuƙi kuma, ko da na ɗaukar bidiyon biki ne, yana buƙatar End-User Certificate daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro, kuma ana neman ta ne kafin a shigo da shi. Wanda ya saye shi ya zo da shi a jaka ba tare da ita ba yana iya barin sa a filin jirgi.

Mai sayen waya ɗaya da mai bin ejan na kilo

Ba kowa ne ke buƙatar duk wannan ba. Wanda ya yi odar waya ɗaya ko caja biyu domin amfanin kansa ba ya buɗe Form M, kamfanin aika saƙo ne ke yin sanarwar. A watan Satumban 2025 Kwastam suka fara yafe haraji ga ƙananan saƙonnin da darajarsu ba ta wuce dala 300 ba, har sau huɗu a shekara ga mutum ɗaya, ban da kayan da aka haramta ko aka taƙaita. Sai dai waya goma iri ɗaya a kwali ɗaya ba za a ɗauke su a matsayin na amfanin kai ba.

Ƙananan 'yan kasuwa da yawa kuma ta hannun ejan na kilo suke bi. Ejan yana tara kayan mutane da yawa a sitonsa na Guangzhou, ya cika kwantena ko ya ɗora a jirgin sama, ya caji kowa bisa nauyi ko girman kaya. A wannan tsari takardun suna nan, amma da sunan ejan ko kamfanin da yake aiki da shi. Sauƙin a bayyane yake, haɗarin kuma biyu ne. Na farko, idan kayan mutum ɗaya a cikin kwantenar suka zama haramtattu ko aka ɓoye su a sanarwa, kwantenar gaba ɗaya ake riƙewa, har da kayan wanda bai yi laifi ba. Na biyu, mai shago ba shi da wata shaida da sunansa. Idan jami'an SON suka zo kasuwa suka tambayi takardar cajar da ke kan kanta, rasit ɗin kilo ba ya nuna an gwada ta.

Wanda zai bi ejan ya tambaye shi abu uku kafin ya tura kaya sito: da wane suna da wace lambar HS za a bayyana kayan, shin SC ɗin kwantenar ta ambaci irin kayansa, kuma wa zai ɗauki asara idan aka riƙe. Ya nemi amsar a rubuce. Idan odar ta kai girman ta wannan misali, kuma za a riƙa maimaita samfuri ɗaya duk bayan wata biyu ko uku, ya fi a nemi masana'antar da ke da PC2 mai aiki shekara guda, a buɗe Form M da sunan kai, a riƙa yin SC kaɗai a kowace jigila.